FILIN GYARAN GIDA: Danshi A Silin Ƙarƙashin Banɗaki, Daga Ina Ruwan Yake Fitowa?

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Haka nan silin ɗaki ba ya yin danshi banza, balle idan akwai banɗaki a samansa. Galibi abin yakan fara ne da ɗan tabo wanda bai fi tafin hannu ba, fenti ya dushe a wurin, daga nan ya kumbura, ya soma ɓarewa. Kafin wata biyu ko uku tabon ya kai faɗin faifai, wanda ke zaune a ƙasa ya fara zargin na sama, na sama kuma ya rantse cewa shi bai ga wani yoyo a banɗakinsa ba. Sau da yawa dukansu biyu gaskiya suke faɗi, domin ruwan da ke ɓata silin ba a sarari yake bi ba, ta ƙarƙashin tayil ko ta cikin bango yake sulalewa.

Abin da aka saba yi shi ne a kira mai gyaran famfo, shi kuma ya zo da guduma da kurfi ya hau fasa tayil yana neman bututu. Wani lokaci a dace, wani lokaci kuwa a wargaza rabin banɗaki a tarar bututun lafiya lau yake. Alhali kuwa hanyoyin da ruwan nan yake bi ba su da yawa, uku ne manya. Ko dai mahaɗar bututu ce take yoyo, ko liƙin da ke kusurwar wurin wanka da bakin magudana ya saki, ko kuwa farin simintin da aka cike tsakanin tayil da shi ya tsage. Kowace daga cikinsu tana da halinta, kuma mai haƙuri zai iya rarrabe su da fensir, da bokiti, da 'yar robar ruwa, ba tare da an fasa ko tayil ɗaya ba.

Kafin A Fara Bincike

Abu na farko shi ne tsare rai. Ruwan da ya shiga dekin yakan nemi hanya mafi sauƙi, kuma babu hanya mai sauƙi kamar bututun da aka bi da wayar lantarki ta ciki. Saboda haka idan tabon yana kusa da ƙwan lantarki ko fanka, sai a kashe wutar wannan sashe tun daga babban akwatin wuta, ba daga makunnin bango kaɗai ba, a bar ta a kashe har a gama aiki. Idan kuma silin na fi'ofi ne ko na kwali, ya yi ciki ya lotso, to a kawar da mutane da kaya daga ƙarƙashinsa, a huda shi da ƙusa a inda ya fi lotsowa, a tara bokiti. Ƙaramin rami ya fi sauƙin gyara bisa ga silin da ya rufto.

Abu na biyu, kada mutum ya ɗauka cewa inda tabo ya fito nan ne saitin inda ruwa ya shiga. Tsakanin tayil da dekin akwai shimfiɗar yashi da siminti, ita kuwa tana shan ruwa kamar soso. Ruwa yakan bazu cikinta, ya gangara, har ya sami wata 'yar tsaga a kankare ko ramin da bututu ya ratsa, sa'an nan ya sauko. Yana yiwuwa ya shiga ta kusurwar gabas ya fito mita ɗaya ko biyu a yamma. Wanda ya auna daga ƙasa ya hau sama ya fasa daidai saitin tabon, sau da yawa asarar tayil kawai zai yi.

Kamannin tabon ma yana da abin da yake faɗi. Farin gari kamar kanwa a gefensa alama ce ruwan ya daɗe yana ratsa siminti yana fito da gishirinsa. Launin tsatsa yana nuna ruwan ya kai ga rodi ko ga tsohon bututun ƙarfe. Wari kuwa yana nuni ga bututun ƙazanta. Har ila yau a lura da lokaci: tabon da ba ya tashi sai an yi ruwan sama, kuma yana jikin bangon waje, ba laifin banɗaki ba ne.

Fensir Da Haƙuri

Gwajin farko ba ya bukatar kuɗi. A zagaye gefen danshin da fensir, a rubuta kwanan wata a jiki. Daga nan a daina amfani da banɗakin ɗungum, ba wanka, ba wanki, ba kora ruwa a masai, amma a bar ruwa cikin bututu yadda yake. A ba shi kwana 4 zuwa mako guda, domin dekin da kaurinsa ya kai santimita 15 ba ya nuna canji a yini ɗaya. A Legas ko Fatakwal, inda iska ke da laima, sai an ƙara haƙuri fiye da Kano ko Sakkwato a lokacin hunturu.

Hikimar gwajin ita ce, bututun da ke kawo ruwa a cike yake dare da rana, nauyin ruwan tanki yana danna shi ko ana wanka ko ba a yi. Idan mahaɗarsa ce take yoyo, danshin zai ci gaba da ƙetare layin fensir ko da an kulle banɗakin da kwaɗo. Amma liƙi da farin siminti da bututun fitar da ruwa ba su da abin zubarwa sai an jiƙa su. Idan danshin ya tsaya cikin layi, gefensa ya soma bushewa, to zargi ya koma kansu.

Gwajin Bututun Kawo Ruwa

Wasu sukan rufe famfunan gida duka, su yi alama a jikin tanki, su duba da safe ko ruwa ya ragu. Wannan yana kama babban yoyo, amma ƙarami yana kuɓuce masa, ga kuma dalili. Ɗigo 20 na ruwa su ne kimanin mililita ɗaya, saboda haka mahaɗar da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa tana zubar da lita 4 da 'yan kai a yini. Wannan ya isa ya lalata silin sarai. Amma a tankin da faɗinsa mita ɗaya ne, sai an rasa kusan lita 8 kafin ruwa ya sauka da santimita ɗaya. Watau yoyon yini guda cur kimanin rabin santimita ne kawai, abin da ido zai iya tsallakewa.

Dabarar da ta fi ita ce a yi amfani da farar robar nan da ake ganin ruwa ta cikinta, irin wadda birkiloli ke awon daidaito da ita. A ɗaura bakinta ɗaya a famfon banɗaki, a ɗaure tam, a miƙe ɗaya bakin sama ya wuce tsayin kan shawa. A rufe makullin tankin masai da na hita, don kada su sha ruwan su ruɗa lissafi. Sai a buɗe famfon a hankali har ruwa ya hau kusa da bakin robar, a rufe babban makullin da ke kawo wa banɗakin ruwa, a bar famfon a buɗe. A dakata minti 10 iskar da ke ciki ta natsu, sa'an nan a yi alama, a jira awa ɗaya. Roba mai rabin inci siririya ce ƙwarai, ɗigo ɗaya a daƙiƙa yakan saukar da ruwan cikinta fiye da santimita 2 a minti guda. Ko da yoyon ya ragu saboda nauyin ruwan roba bai kai na tanki ba, awa ɗaya ta isa a gan shi. Idan ruwan ya tsaya cik, bututun lafiya yake. Idan kuma hawa ya riƙa yi, babban makullin ne ba ya rufewa sosai, sai an gyara shi kafin a amince da gwajin.

Amma fa akwai wani guntun bututu mai yaudara, watau wanda ya tashi daga makullin shawa ya bi cikin bango zuwa kan shawa. Shi ba ya ɗaukar ruwa sai an buɗe shawa, don haka yakan tsallake gwajin fensir da na roba duka biyu, a ɗora laifinsa a kan tayil. Gwiwar da ke samansa, inda ake ɗaura hannun shawa, tana yawan tsagewa idan ta roba ce aka ɗaure ƙarfe a cikinta da ƙarfin tsiya, ko kuma farin tef ɗin zarenta ya yi kaɗan. Maganinsa a kwance kan shawa, a toshe bakin da murfi mai zare, a buɗe makullin shawar, a sake gwajin roba. Idan a karon farko ruwa ya tsaya, a na biyu ya sauka, to an kama ɓarawo, kuma tayil ɗaya ko biyu kaɗai za a cire.

Gwajin Magudana

Idan bututun kawo ruwa ya kuɓuta, sai a juya ga na fitarwa. Sharaɗin wannan gwaji shi ne kada ko ɗigo ya taɓa daɓen banɗaki. A cire murfin magudana, a zura mazurari ko guntun bututu cikin ramin, a zuba bokiti 5 ko 6 a jere. Yana da kyau a jiƙa bula a cikin ruwan, domin idan shuɗi ya bayyana a ƙasa magana ta ƙare. Sai dai rashin ganin shuɗi ba hujja ba ne, don kankare yakan tace launi ya saki ruwa fari. Inda bututun yake a fili cikin silin ko a bayan gida, a naɗa busasshiyar takarda a kowace mahaɗa, ita za ta tona wadda ke tsattsafo. A jira yini guda ana duban layin fensir. Kashegari a yi wa masai haka, a kora ruwa sau 10, sa'an nan abin wanke hannu. Ɗaya bayan ɗaya ake yi, domin wanda ya gwada biyu a rana guda, danshi ya dawo, bai san wanne zai kama ba.

Gwajin Daɓe, Da Misali

Don a ga yadda sauran aikin yake tafiya, a ɗauki misalin bene mai hawa ɗaya, mai gida yana ƙasa, ɗan haya yana sama. Banɗakin sama faɗinsa mita ɗaya da rabi, tsawonsa mita 2, irin wanda ake wanka a kan daɓen tayil kai tsaye. Tabo ya fito a silin falo. An zagaye shi da fensir ranar Asabar, an kulle banɗaki, zuwa Laraba bai ƙetare layi ba. An yi gwajin roba sau biyu, ruwa bai motsa ba. An zuba bokiti 6 a magudana ranar Alhamis, an gwada masai ranar Juma'a, silin yana ta ƙara bushewa. Saura daɓe ke nan.

Ranar Lahadi da safe aka naɗe tsumma cikin leda, aka cusa shi cikin bututun magudana, ƙasa da inda bakinsa ya haɗu da tayil, domin ita ma wannan mahaɗa ta shiga cikin gwajin. Aka tare bakin ƙofa da yumɓu, aka zuba jarka 3 masu lita 20, ruwa ya kwanta kimanin santimita 2 a kan daɓe. Aka yi alama a jikin bango. Aka kuma ajiye kwano da ruwa a gefe, shi ma da alamarsa, don a san abin da iska kaɗai take sha. Sa'an nan aka leƙa ƙarshen bututun a bayan gida aka tabbatar ba ya ɗiga, watau toshiyar ta kama.

Bayan awa 24 ruwan kwano ya ragu da milimita 1, na daɓe kuwa da milimita 4. Bambancin milimita 3 ne, kuma a daɓe mai wannan girma kowace milimita lita 3 ce, ashe lita 9 sun shige ƙarƙashin tayil. Tun da yammacin Lahadin ma danshi ya dawo silin, kafin wayewar gari ya ƙetare layin fensir. An tabbatar laifin daga saman daɓe ne, amma har yanzu ana da wurare uku: bakin magudana, tsakiyar daɓe, da kusurwar da bango ya haɗu da ƙasa.

A nan yumɓu ya sake amfani. Aka tsane ruwan, aka murza yumɓu kamar igiya, aka yi 'yar katanga kewaye da bakin magudana, aka cika ta da ruwa. Aka yi wata a tsakiyar daɓe inda layukan farin siminti suka gicciye, aka yi ta uku a jikin kusurwar da ke ƙarƙashin shawa. Yanzu ba silin ake kallo ba, ruwan cikin katangun ake kallo. Bayan awa 2 na magudana da na tsakiya suna nan yadda aka zuba su, na kusurwa kuwa ya ƙafe ƙaf. Da aka haska tocila aka ga tsaga siririya kamar gashi ta bi kusurwar, tsawonta bai fi kamu biyu ba. Aka ƙwanƙwasa tayil da kuɗin ƙarfe, guda 3 na jikin kusurwar suka yi amo irin na ganga, alamar ƙarƙashinsu ya zama kogo. Da ma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da a ce daɓen ya riƙe ruwa bai ragu ba, da sai a koma bango, a riƙa watsa masa ruwa daga layin tayil na ƙasa, a jira, a hau na gaba, har a kai ga inda makullin shawa ya ratsa tayil. Daga ƙasa ake farawa, domin ruwan da aka watsa a sama yana jiƙa duk abin da ke ƙasa da shi.

Dalilin Tsagewar Kusurwa, Da Gyaranta

Bango da daɓe ba jiki ɗaya ba ne. Zafi da sanyi da nauyin gini suna sa kowanne ya motsa kaɗan ta nasa ɓangare, farin siminti kuwa ba ya miƙewa, tsagewa yake yi. Shi ya sa kusurwa, da gefen bahon wanka, da kewayen inda bututu ya fito daga tayil, aikin silikon ne, wanda yake miƙewa kamar roba. A banɗakin da aka girka baho ko tiren shawa, wannan liƙi ne ya fi saurin saki, domin bahon yana ɗan lotsawa duk lokacin da mutum ya taka shi.

Wajen gyara, sai a kankare tsohon liƙi gaba ɗaya, don sabon silikon ba ya kama tsoho sosai, ba ya kuma kama wuri mai laima ko mai sabulu. A wanke, a bari ya bushe ƙarau, a sa irin wanda aka yi don banɗaki, mai hana baƙin fumfuna, a shafe shi da yatsa ya shiga tsagar, a bar shi aƙalla awa 24 ba ruwa. Idan baho ne, a cika shi da ruwa kafin a liƙe, don ya bushe a buɗe yadda nauyi zai riƙa buɗa shi. Farin simintin da ya zaizaye kuwa ba a shafa sabo a samansa, ɓarewa zai yi. Sai an ƙwaƙule tsohon har kimanin kashi biyu cikin uku na kaurin tayil, a cusa sabo, a ba shi kwana 3. A misalin da ya gabata, tayil 3 kaɗai aka ɗaga, aka gyara ƙarƙashinsu, aka mayar, aka liƙe kusurwa.

Sai dai wajibi ne mai gida ya san iyakar wannan gyara. Farin siminti ko lafiyayye ne yana shan ruwa kaɗan, ba shi ne ainihin abin da ke tsare dekin ba. Mai tsaron gaskiya shi ne maganin hana ruwa da ake shafawa ko shimfiɗawa a kan kankare kafin a ɗora tayil, a hau da shi jikin bango aƙalla santimita 15, a wurin shawa kuwa har ya wuce tsayin mutum. Ana kuma son daɓe ya gangara wajen magudana da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, don kada ruwa ya kwana. Idan katangun yumɓu duka suka ƙafe, ko rabin tayil yana amon ganga, to liƙi jinkiri kawai zai saya, sai an ɗaga daɓen an yi abin da aka tsallake tun farko.

Kada A Yi Gaggawar Fenti

Bayan kowane gyara a maimaita gwajin da ya kama laifin, domin ba abin mamaki ba ne a sami yoyo biyu a banɗaki ɗaya, babba ya ɓoye ƙarami. Idan ruwa ya kwana bai ragu fiye da na kwano ba, sai a koma wanka, a ci gaba da duban layin fensir. Dekin da ya sha ruwa yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya bushe. Hanyar sani ita ce a manna 'yar farar leda a wurin, a liƙe gefunanta da salatif, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. Idan ta yi gumi ta ciki, da saura. Idan ta fito a bushe, a kankare fentin da ya kumbura, a fara shafa fentin mai na share fage don tabon kada ya sake ɓullowa, sa'an nan a yi na gamawa.

Wanda ya rufe tabo da fenti ya bar ruwa yana shiga, rodin da ke cikin dekin ne zai biya bashin. Ƙarfe idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya ninka girmansa, ya tsaga kankaren da ya lulluɓe shi, har ɓaraguzai su fara faɗowa. Duk wanda ya ga tsaga ta miƙe sambal a ƙarƙashin dekin tana fitar da ruwan tsatsa, ko ya ga rodi ya bayyana, to magana ta wuce mai gyaran famfo da mai tayil, sai a nemo injiniyan gini ya duba kafin a ci gaba da zama a ƙarƙashin wurin.

Game da wanda zai biya kuɗin gyara tsakanin mai gida da ɗan haya, ko tsakanin maƙwabcin sama da na ƙasa, ya fi kyau a yi gwaje-gwajen nan a gaban kowa, a rubuta rana da abin da aka gani. Gani ya kori ji, kuma alamar fensir a jikin bango ba ta da ɓangare. Allah ya kiyaye gidaje da mazaunansu, amin.